Filta mai araha da baƙin mai mai kyau: abin da na gani a injin motata

Filtar baƙin mai mai araha ba ta lalata man da aka zuba a inji, domin ba ta taɓa kaurinsa ko sinadaran da aka haɗa shi da su, amma tana iya hana man yin aikin da aka saye shi dominsa. Wannan ne hukuncin da na yanke bayan na yi amfani da wata filta marar sanannen suna tare da man sintetik mai lamba 5W-30 a ƙaramar motata mai amfani da fetur, daga baya kuma na cire ta, na sa aka yanka gwangwaninta don in ga abin da ke ciki.

A makonnin farko ban ga wani aibu ba. Filtar ta zauna daidai, ba ta yi yoyo ba, injin kuma yana tafiya lafiya. Da tafiya ta yi tafiya, sai na lura cewa idan motar ta kwana a ajiye, fitilar mai takan ɗan jima kafin ta mutu bayan an tayar da injin, kuma a cikin waɗannan 'yan daƙiƙoƙi akan ji wata ƙara daga saman injin, wadda take ɗaukewa da zarar fitilar ta mutu. Idan aka kashe motar aka sake tayar da ita nan take, ba a jin komai. Bakanikena ya ba da shawarar a canja filtar kaɗai, a bar man da ke ciki, a cika ɗan abin da ya ragu. Muka sa irin wadda kamfanin motar ya tanada, kuma daga washegari ƙarar ta daina. Da yake man bai canja ba, zargi ya tsaya a kan filtar.

Dalilin ya fito fili da aka yanka ta. A ƙarƙashin ƙananan ramukan da ke kewaye da bakin filta akwai wata roba mai aikin bawul, wadda take buɗewa idan famfo ya turo mai, ta kuma rufe idan aka kashe inji, don kada man da ke cikin filtar ya sulale ya koma kwanon mai. Robar da muka tarar baƙa ce, ta ƙandare, gefenta kuma ba ya kwanciya sosai. Ke nan kowace safiya sai famfo ya fara cika gwangwanin da babu komai a ciki kafin mai ya kai ga sassan da ke gogayya, kuma a wannan ɗan lokaci babu abin da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe sai ragowar man jiya. Komai kyan mai, ba ya kare wurin da bai isa ba. Robar silikon, wadda sau da yawa ake yin ta ja ko ruwan lemo, ta fi baƙar robar jure zafi ba tare da ta taurare ba, kuma ana iya hango launinta ta cikin ramukan tun kafin a saya. Lamarin ya fi tsanani a injin da filtarsa take kwance a kaikaice ko bakinta yana kallon ƙasa.

Abu na biyu da na duba shi ne takardar tacewa. Lanƙwasarta ba ta da yawa, tazarar ma ba daidai ba ce: wani wuri a cunkushe, wani wuri a wage. Ƙarancin takarda yana nufin za ta toshe da wuri, kuma a nan ne haɗarin da ba a gani yake. Tsarin mai yana da wani bawul na biyu mai sifirin, a cikin filtar ko a jikin injin, wanda yake buɗewa idan mai ya kasa ratsa takardar, ya bar shi ya wuce ba tare da tacewa ba, domin mai mai datti ya fi rashin mai. Babu fitilar da ke sanar da direba cewa hakan na faruwa. Mutumin da ya sayi man sintetik don ya yi kilomita 10,000 kafin juye, ya haɗa shi da filtar da ta toshe a rabin tafiya, zai ƙarasa sauran da mai mai kyau wanda yake yawo da ƙura da ɓarɓashin ƙarfe. A ganina wannan ce babbar asarar, ta fi ƙarar safiya, domin ita ƙarar aƙalla ana jin ta.

Duk da haka, ba zan ce arahar ce laifin ba. Akwai filtoci masu sauƙin kuɗi daga kamfanonin da aka sani, masu takarda ta gama-gari, waɗanda suka wadatar ga wanda yake juye a kan kari bayan gajeriyar tazara. Abin da ya kamata a guje wa shi ne filtar da ba ta faɗi komai game da kanta ba, da kuma ta jabu da aka buga wa sunan babban kamfani. Haka kuma baƙin da mai yake yi ba hujja ba ce a kan filta, domin toka mai laushi da ke rina mai ta fi ƙarfin kowace takarda irin wannan, kuma filta ba ta cire fetur ko ruwan da ya gauraya da mai.

Wajen saye, lambar filta nake fara dubawa, in daidaita ta da wadda littafin motar ya ambata, ban dogara da cewa girmansu ɗaya a ido ba. Zaren bakin filta iri-iri ne, kuma biyu daga cikin waɗanda suka fi yawa, wato 3/4-16 da M20x1.5, suna da kusanci sosai, har mai zaren M20 tana iya hawa kan ɗayan ta yi kamar ta kama, alhali tana iya kwancewa a kan hanya man ya tsiyaye. Ƙarfin sifirin ɗin bawul ma ya bambanta daga inji zuwa inji, lambar ce kaɗai take tabbatar da shi.

Bayan lamba sai bayanin tacewa da ke jikin kwali. Idan aka rubuta cewa tana kama kashi 99 cikin 100 na datti ba tare da an faɗi girman dattin ba, maganar ba ta da amfani. Bayani mai ma'ana shi ne wanda ya ce kashi kaza na dattin da girmansa ya kai maikiron 20, musamman idan ya ambaci gwajin ISO 4548-12, wanda da shi ake auna irin waɗannan filtoci. Kaurin gashin mutum yana kusan maikiron 70, don haka dattin da ake magana a kai ba wanda ido yake gani ba ne. Wanda yake son doguwar tazara tsakanin juye da juye ya nemi mai takardar sintetik, ya kuma duba yawan kilomitar da kamfanin ya ce za ta ɗauka. Kafin in biya, nakan leƙa cikin zaren ko akwai tsatsa ko ragowar ƙarfe, in taɓa robar bakin in ji ko tana da laushi, in kuma duba rubutun gwangwanin, domin na jabu yakan zo a dishe ko da kuskuren harafi.

Filtar da ke motar yanzu ta kai juye na gaba ba tare da ƙarar ta dawo ba. An ɗaura ta da hannu ne bayan an shafa wa robarta mai, aka ƙara kusan kashi uku cikin huɗu na zagaye bayan robar ta taɓa mazauninta, kuma sai da aka tabbatar tsohuwar robar ba ta manne a jikin injin ba, domin roba biyu a kan juna suna iya zubar da man gaba ɗaya ko da filtar ta fi kowace tsada.