Na gani 18.50, anka sayo min a kusan naira 20: wasiƙar da na rubuta wa dillalina

Wata bakwai ke nan ina sayen hannun jari ta manhajar dillalin nan, ban taɓa samun matsala ba sai ranar Talatar da ta wuce, kuma wallahi har yanzu abin na ci min rai. Kuɗin adashi ne na ɗauka, ina zaune a shago nan Tsohuwar Kasuwa bayan sallar azahar na buɗe waya, hannun jarin wani ƙaramin kamfani da na daɗe ina bibiya yana 18.50. Na sa guda 20,000, manhaja ta lissafa min 370,000 ban da kamasho, na danna Buy. Ko minti ɗaya ba a yi ba saƙo ya shigo wai an cika oda, na duba asusu sai na ga 398,100 sunka fita. Dubu ashirin da takwas da ɗari ɗaya a kan abin da anka nuna min, kafin ma a zo maganar kamasho.

Daren nan ban yi barci ba sai da na rubuta musu wasiƙa ta imel. Ban yi zagi ba. Na sa lambar asusuna ta CSCS, kamfanin da ke aje bayanan hannun jari, lambar odar, ƙarfe nawa na danna, da hoton fuskar waya da Allah ya sa na ɗauka don in tura wa ƙanena. Na ce Malam ina so ku turo min takardar ciniki wadda ke nuna kowane kaso da farashinsa, ku gaya min wanga farashi da kuke nunawa na wane lokaci ne, sannan ku mayar min da bambancin.

Gaskiya sun amsa da wuri, kwana biyu, kuma wata baiwar Allah ta kira ni ta yi bayani cikin ladabi. Takardar ta nuna kashi uku anka saya, 2,000 a 18.60, sai 5,000 a 19.40, sauran 13,000 a 20.30. Ta ce Alhaji 18.50 ɗin da ka gani farashin cinikin ƙarshe ne da anka rubuta, ba shi ne abin da masu sayarwa ke nema a lokacin ba. Odarka Market ce, ita kuwa ba ta tambayar tsada, tana kwashe na mai araha in ya ƙare ta hau na gaba har sai ta cika. Wanga kamfani masu sayarwa kaɗan ne a layi, shi ya sa ta yi ta hawa. Ta ce da ba don ƙa'idar NGX, wato kasuwar hannun jarin Najeriya, ta hana farashi wuce kashi 10 cikin ɗari a yini ba, da abin ya iya fin haka, don daga 18.50 iyakarsa 20.35 ne, ka ga saura kwabo biyar ka taɓa rufin.

Na fahimta, har na fara saukowa, don ko buhun albasa ka je saye a Kara in ka ce ɗari kake so ba a farashin buhun farko za ka kwashe su ba. Amma da na aje waya na sake buɗe manhajar sai ran ya sake ɓaci. Ita Market ɗin ba ni na zaɓe ta ba, haka take a saite tun farko, Limit kuwa wadda za ka rubuta iyakar farashinka ka ce kada a wuce 18.70 ko a bari, an ɓoye ta can ƙarƙashin wani ɗan maɓalli da sai ka taɓa kibiya take fitowa. Jerin masu sayarwa da yawan abin da ke hannun kowa, wanda da na gan shi da na san 2,000 kawai ke kusa da farashina, babu shi sam a shafin saye. To mi ya sa za ku lissafa min 370,000 da manyan lambobi alhali kun san abin da ke layi bai kai ba?

Abin da ya fi ƙona min rai, bayan an gama farashin a allo bai motsa ba, yana nan 18.50, wai cinikina bai kai yawan da ke canza farashin da ake bugawa ba. Ke nan daga sayowa asusuna ya yi ja da asarar dubu ashirin da takwas. Kuma kamashonsu a kan 398,100 sunka cire shi.

Amsarsu a rubuce ta ce oda ta cika bisa ƙa'ida, babu mayar da kuɗi, ko kamashon da ke kan ƙarin ba su rage ba. Na sake rubuta ta biyu jiya, na ce bambancin na bar shi, amma su mayar min da kamashon ƙarin, su kuma sa gargaɗi kafin mutum ya danna Buy a kan Market, in ba haka ba zan kai takarduna SEC, hukumar da ke sa ido a kan kasuwar hannun jari. Tauraro biyu na ba manhajarsu, shi ma don matar da ta kira ni ne. Har la'asar ɗin yau ba su amsa ba.