Python ko JavaScript: wanne sabon ɗalibi zai fara koya?

Matashin da ke ƙauyukan Kura ko Ringim, wanda yake son koyon rubuta manhaja amma bai yanke abin da zai gina ba, yakan tsinci kansa tsakanin Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991, da JavaScript, wanda Brendan Eich ya ƙirƙira a 1995. Dukansu kyauta ne, don haka abin da za a kashe shi ne lokaci da data da cajin waya. A ganina ma'aunin da ya fi dacewa shi ne yadda kowannensu yake yi wa mai koyo idan ya yi kuskure, musamman a inda babu malamin da zai duba masa aiki.

A ɗauka manomi yana da buhun shinkafa 40 a rumbu, ya ƙaro 15. Lambar da mutum ya shigar ta `input()` a Python, ko ta `prompt()` a JavaScript, tana zuwa ne a matsayin rubutu, ba adadi ba. Idan ɗalibi ya manta da haka, JavaScript zai lissafa masa kamar haka:

```
"40" + 15   // "4015"
"40" - 15   // 25
```

Babu gargaɗi ko kaɗan. Tarawa ta manna lambobin biyu ta ba da buhu 4015, ɗebewa kuwa ta fito daidai, sai ɗalibin ya wuni yana neman inda gizo ke saƙar. Python kuwa zai tsaya cak, ya nuna `TypeError` da lambar layin da matsalar take, har sai an gyara da `int("40") + 15` an sami 55. Wannan tsayawar tana ɓata rai a makon farko, amma ita ce take koya wa mutum bambancin rubutu da adadi, kuma saboda ita na fi ba wanda ba shi da malami shawarar farawa da Python.

Sai batun na'ura. Mai wayar Android zai iya sauke Pydroid 3, manhajar rubuta Python a waya, sau ɗaya, ya ci gaba da gwada darussan farko ba tare da data ba. Wahalarsa ita ce tazarar farkon layi, domin Python da ita yake gane layukan da ke ƙarƙashin `if` ko `for`, kuma a ƙaramin allon waya tazara ɗaya ta kuɓuce sai ga `IndentationError`.

JavaScript ya fi sauƙin farawa ga mai kwamfuta, tunda yana cikin burauza: a buɗe Chrome, a danna F12, a shiga Console, tagar da ake rubuta JavaScript a ga sakamako nan take. Chrome na waya ba shi da wannan tagar. Haka kuma kafin aikin ya zama shafin da za a nuna wa mutane, sai an haɗa da HTML mai tsara abin da ke cikin shafi da CSS mai ƙawata shi, wato abu uku a lokaci guda. Wanda tun yanzu zuciyarsa ta karkata ga gina shafin intanet, misali na tallan kayan shagonsu, shi ne ya dace ya ɗauki wannan nauyin ya fara da JavaScript.