Sharhi: na biya an binciki zanen bikin Argungu kafin in saya

Wannan sharhi ne a kan aikin wani mai gyara da tantance tsofaffin zane-zane da ke Abuja, wanda na ɗauka ya duba mini wani zanen fenti. A taƙaice, aikinsa ya yi kyau kuma ya biya kuɗinsa, sai dai akwai jinkiri, kuma rahotonsa ba ya karantuwa sai da mai fassara.

Zanen na ranar kamun kifi ne a Matan Fada, masunta da homa da gora sun cika ruwa. Dillali ya kawo mini shi Birnin Kebbi don in rataya a zauren masaukin baƙinmu. A ƙasan zanen akwai shekarar 1964 da sa hannun wani mai zane da ya yi karatu a kwalejin Zariya, ya riga mu gidan gaskiya. Tare da shi akwai wasiƙar sayarwa da aka buga da tafireta. Kuɗin da aka sa masa ya kai na mota mai kyau, shi ya sa na ce sai an duba.

Malamin bai fara da na'ura ba. Ya juya zanen ya daɗe yana kallon bayansa. Ya ce yadin da ya shekara sittin yana yin duhu a inda iska da ƙura ke taɓa shi, amma wurin da katako ya rufe yakan fi haske. Da ya ɗaga gefe kaɗan, launin duk ɗaya ne, ruwan ƙasa har ƙarƙashin katakon, kamar an rina yadin kafin a ɗaure shi. Bai yanke hukunci a kan wannan ba, domin ana iya sauya wa tsohon zane katako. Ya dai rubuta ya wuce.

Sai wasiƙar. Farashin a fam aka rubuta, kuma daidai ne, tun da Naira ba ta fito ba sai Janairun 1973. Wanda ya shirya takardar ya kiyaye wannan. Inda ya zame shi ne adireshi: Argungu, Jihar Sakkwato, a wasiƙar 1964. A lokacin Lardin Sakkwato ake da shi a Yankin Arewa. An yi Jihar Arewa maso Yamma a 1967, Jihar Sakkwato kuwa sai 1976, kafin a cire Kebbi daga cikinta a 1991. Wannan duk wani dattijon garinmu zai gane shi ba tare da an biya shi ko kwabo ba, sai dai mutum ba ya karanta adireshi idan idonsa na kan zane. Malamin ya ce takarda ta fi zane sauƙin ƙirƙira, ya ba ni labarin John Drewe a Ingila, wanda har cikin ma'ajiyar takardun gidan zane na Tate ya shiga ya cusa bayanan ƙarya don zanen jabu ya samu asali. Amma ya ƙara da cewa takardar ƙarya ba ta tabbatar da zanen ƙarya ne. Akwai dillalan da ke yi wa abu na gaskiya takarda don su ƙara masa kuɗi.

Gwajin fenti ne ya ɗauki lokaci, kuma a nan na fi ganin amfaninsa. Ya zo da na'urar hannu da ake kira XRF, wadda ake ɗora bakinta kusa da zane ta faɗi irin ma'adinan da ke cikin fentin ba tare da an kankare komai ba. Farin ya nuna titaniyam. Na taɓa jin cewa farin titaniyam ne ya tona asirin Wolfgang Beltracchi, mai zanen jabu na Jamus, wanda aka yanke wa hukunci a 2011, sai na ce ke nan an kama. Malamin ya ce, “A'a, Alhaji. Shi zanensa 1914 ya ce an yi shi, lokacin farin bai shiga kasuwa ba. A 1964 kowa da shi yake aiki.” Ashe fenti ba ya da laifi shi kaɗai, sai an gwada shi da shekarar da aka yi iƙirari.

Jan da ke hular wani makaɗi a cikin kwalekwale ne ya tsayar da shi. Na'urar ba ta ga kadmiyam ba, ba ta ga zaiba ko dalma ba, ƙarfe ma kaɗan ne, wato ba ɗaya daga cikin jajayen ma'adinai da aka saba ba ne. Jan haɗin masana'anta ne, kuma XRF ba ta iya faɗin sunan irin waɗannan. Da izinin dillali a rubuce, ya ɗebi ɗan ɓarɓashi da bai kai kan allura ba, ya aika ɗakin gwaji a ƙasar waje a yi masa gwajin Raman, wanda ke amfani da haske ya gane sinadarin fenti. Sakamako ya dawo da PR254, jan da kamfanin Ciba-Geigy ya fitar a shekarun 1980, wanda aka fi sani a fentin motoci.

Ko a nan bai yi gaggawa ba, kuma wannan ne ya sa na yarda da shi. Zane na gaskiya yana iya samun sabon fenti idan an taɓa gyara shi. Don haka tun kafin ya ɗebi samfurin ya haska wurin da fitilar ultrabayolet a ɗaki mai duhu, inda gyaran baya yakan fito a matsayin tabo mai duhu. Babu tabo a hular. Samfurin kuma ya nuna jan yana ƙarƙashin man ƙyallin da aka shafe zanen da shi, ya gauraya da fentin da ke kusa da shi tun suna ɗanye. Ke nan da shi aka yi zanen tun farko, kuma ba a yi shi a 1964 ba.

Sashen salo shi ne mai rauni a aikin. Ya kwatanta da hotunan wasu ayyukan mai zanen, ya ce hannun marigayin yana jan buroshi da sauri a bugu ɗaya, wannan kuwa an bi layi an sake bi, irin na mai kwafa. Na yarda da shi, amma hotuna ne a waya ya yi amfani da su, ba zanen ainihi ba, kuma shi kansa ya rubuta cewa ra'ayi ne. Da a kan salo kaɗai ya tsaya, da dillali ya kawo wani masanin ya ce akasin haka.

Abin da ban ji daɗinsa ba: an ce mini sakamakon waje ba zai daɗe ba, ya ɗauki fiye da ninkin lokacin, kuma kuɗin aika samfurin bai shiga farashin farko ba. Rahoton da Turancin masana aka rubuta shi, sai da na kira shi ya warware mini a waya. Duk mai son wannan aiki ya nemi a rubuta masa kuɗin komai tun farko, har da na ɗakin gwaji, ya kuma yi yarjejeniya da mai sayarwa a kan wa zai biya idan abu ya fito jabu. Ni na biya duka.

Na tambaye shi, da jan ya fito na zamanin, zai rubuta mini cewa zanen na gaskiya ne? Ya ce iyakar abin da zai rubuta shi ne bai ga abin da ya saɓa wa 1964 ba, domin mai wayo yana iya nemo tsohon yadi da tsohon fenti. Wanda ke neman takardar da za ta ce “na gaskiya ne” daga gwajin fenti kaɗai, wannan malamin ba zai ba shi ba. Na mayar wa dillali zanensa tare da kwafin rahoton. Ya ce shi ma a hannun wani ya karɓa a Kaduna.