Lambatu mai kaurin santimita 10 da mai 15: kankare da rodin da kowanne zai ci

"Jama'a, zan yi lambatu a bakin titi, tsawonsa mita 50, cikinsa santimita 60 faɗi, 60 zurfi. Wani magini ya ce kaurin santimita 10 da rodi mai milimita 10 ya isa, wani ya ce sai 15 da rodi mai 12. Nawa kowanne zai ci, wanne kuma zan ɗauka?"

Malam, lissafin kankare daga bakin lambatun yake farawa. Ka ɗauka an datse shi, kana kallon daɓen ƙasa da bango biyu. Inda aka fi yin kure shi ne faɗin daɓen, domin a kansa bangayen suke zaune, saboda haka ya fi cikin lambatun faɗi da kaurin bango biyu. A mai 10 faɗinsa mita 0.8 ne, a mai 15 kuma 0.9.

```
Mai 10: (0.8×0.10) + 2×(0.6×0.10) = 0.200 m²  × 50 = 10.00 m³
Mai 15: (0.9×0.15) + 2×(0.6×0.15) = 0.315 m²  × 50 = 15.75 m³
```

Ƙara kashi 5 cikin ɗari saboda zubewa da buɗewar katako, sai su koma 10.5 da 16.5. A kwaɓin 1:2:4, wato siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, kowace mita kubik ta kankare tana cin buhu 6.3 na siminti mai kilo 50, da yashi mita kubik 0.44, da tsakuwa mita kubik 0.88. Kada ka yi mamakin ganin kayan sun fi kankaren yawa: yashi da siminti shigewa suke yi cikin ramukan tsakuwa, shi ya sa ake ninka girman kankare da 1.54 kafin a raba. Akwai kuma siririyar shimfiɗar kankare ta santimita 5 da ake fara zubawa a kan ƙasa don rodi ya sami wuri mai tsabta. Da kwaɓin 1:3:6 za ta ci buhu 10 a na farko, 11 a na biyu.

Rodi iri biyu ne a ciki. Akwai wanda ake lanƙwasawa kamar harafin U ya bi bango, ya ratsa daɓe, ya hau ɗaya bangon, shi ne yake ɗaukar nauyi. Akwai kuma na tsawo da yake riƙe su, yake rage tsagewa. Idan aka bar santimita 4 na kankare ya rufe rodi ta kowane gefe, U ɗin mai 10 zai zama 0.72 a ƙasa da ƙafa biyu masu 0.62, jimla mita 1.96. Na mai 15 kuwa 0.82 ne da ƙafa biyu masu 0.67, jimla 2.16. A tazarar santimita 20, mita 50 na buƙatar guda 251 a dukkansu biyun.

A nan lissafin takarda yake yaudara. Wanda ya ninka 251 da 2.16 ya raba da 12 zai sayo sanda 46, aiki kuma ya tsaya kafin a kai ƙarshe. Sandar mita 12 guda biyar kawai take bayarwa, ragowar mita 1.2 ba ta isa wani U ba, don haka sanda 51 ake bukata. Mai 1.96 yana fitar da shida a sanda, wato sanda 42, amma da sharaɗin sandar ta kai mita 11.76. A auna da tef kafin a saya, domin in ta gaza, shidan sun koma biyar, 42 ta koma 51.

Na tsawo, mai milimita 10 a tazarar santimita 25, layi 9 ne a na farko, 10 a na biyu. Kowane haɗi sai sanda ta hau kan 'yar'uwarta da ninki 50 na kaurinta, wato rabin mita. Haɗi huɗu ne a layi, sai layin ya ci mita 52 maimakon 50.

| | Mai 10 | Mai 15 |
|---|---|---|
| Siminti, ban da shimfiɗa | buhu 67 | buhu 105 |
| Yashi | 4.6 m³ | 7.3 m³ |
| Tsakuwa | 9.2 m³ | 14.6 m³ |
| Rodin U | sanda 42, mai milimita 10 | sanda 51, mai milimita 12 |
| Rodin tsawo | sanda 39 | sanda 44 |
| Nauyin ƙarfe | kilo 600 | kilo 870 |

Katakon kafinta kusan ɗaya ne, murabba'in mita 120 idan an kafa ciki da waje, kuma ba sai an saye shi duka ba tunda ana cirewa a matsa gaba.

To me ƙarin buhu 38 da kilo 270 suke saya maka? Ƙasar da ke bayan bango tura shi take yi zuwa ciki, kuma duk motar da ta raɓi bakin lambatun tana ƙara wa turin ƙarfi. Bangon a gindi kawai yake maƙale, don haka wurin da yake neman tsagewa shi ne fuskar waje, can ƙasa inda ya haɗu da daɓe. Kusa da wannan fuskar ya kamata U ya zauna, rodin tsawo kuma ta ciki. Ƙarfin bango ya danganta sosai da tazarar da ke tsakanin tsakiyar rodi da fuskar ciki. A mai 10 tazarar milimita 55 ce, a mai 15 kuwa 104, kusan ninki biyu, ga rodin ma ya fi kauri.

Matsalar mai 10 ta biyu ta hannu ce. Rodi biyu sun cinye milimita 20, saura 40 ta kowane gefe, ba ragi ko kaɗan. Ma'aikaci ya taka ƙarfen ko katako ya goce da santimita ɗaya, rufin ya ragu, kuma lambatu kullum a jiƙe yake da ƙazamin ruwa. Tsatsa tana kumbura rodi, sai ka fara ganin jan layi a jikin bango, daga nan kankare ya soma ɓantalewa. Tsakuwa mai milimita 20 ma da ƙyar take wucewa ta wannan matsi, injin girgiza kankare bai shiga da kyau, idan an cire katako a tarar da gindin bango duk ramuka kamar saƙar zuma. Magina kan ƙara ruwa don kwaɓin ya gudana, wannan kuma raunana kankaren yake yi.

Tunda bakin titi ka ce, mai 15 za ka ɗauka. Mai 10 na wurin da mota ba ta kusanta ne, kuma sai da kafinta mai kula. A ɗaure 'yan ƙananan tubalan siminti masu santimita 4 tsakanin rodi da katako, a shayar da kankaren ruwa aƙalla kwana 7, kuma kada a cike bayan bango da ƙasa kafin nan. Idan maginin ya ce zai zuba a jikin ƙasa kai tsaye ba katakon waje, lissafin nan ya canza: kankare zai ƙaru saboda bangon rami ba ya miƙewa, rufin rodi ta wannan gefen kuma sai ya kai santimita 7.5. Inda mota za ta tsallaka ta shiga gida, murfin da bangayen da ke ƙarƙashinsa ba sa cikin wannan lissafi, injiniya ne zai fitar musu da nasu rodin.