Matsar da lokaci ko sake gwadawa?

"Ina da aikin da ke ɗauko bayanan biyan kuɗi daga sabar wani kamfani a Landan kullum ƙarfe 2 na dare. Sun ce duk Lahadi suna gyara daga ƙarfe 1 zuwa 3 na dare. In matsar da lokacin ne, ko in sa aikin ya riƙa sake gwadawa?"

Malam, duka biyun na taɓa yi, kuma kowace akwai inda take kasawa.

Matsar da lokaci ya fi sauƙi, layi ɗaya ne za ka gyara. Amma ka fara tambayarsu, ƙarfe 1 zuwa 3 ɗin nan da agogon wa? Mu a Najeriya da Nijar agogonmu ba ya motsi, kullum awa ɗaya muke gaban UTC. Birtaniya kuwa tana ƙara awa ɗaya a Lahadin ƙarshe na Maris, ta mayar a Lahadin ƙarshe na Oktoba. Tsakanin nan agogonmu da nasu ɗaya ne. In da agogon Landan suke nufi, daga ƙarshen Oktoba gyaran nasu yana faɗowa ƙarfe 2 zuwa 4 a wurinmu. Nan na sha wuya: na sa aikina 3:15 agogon gida, ya yi wata da watanni lafiya lau, sai wata Litinin a Nuwamba na buɗe babban fayil na tarar babu bayanan Lahadi har biyu. Idan sabarka a kan UTC take, wannan layin, mai tada aikin kullum ƙarfe 3:30, ya tsallake gyaran rani da damina:

```
30 3 * * * /opt/dauko.sh
```

Sai dai ranar da gyaransu ya zarce lokaci, ko suka yi na gaggawa ranar Laraba, wannan layin ba abin da zai tsinana maka.

Sake gwadawa shi ke maganin wannan. Sabar da ake gyara yawanci tana mayar da lamba 503, kuma `curl` ya san ya jira ya sake:

```
curl --fail --retry 8 --retry-delay 900 -o yau.csv "$URL"
```

Wato sau takwas, da hutun minti 15, kusan awa biyu ke nan. Amma a kula, wasu sabobin suna mayar da 200 tare da shafin "muna gyara", sai `curl` ya ajiye shi a matsayin bayananka. Don haka ka sa aikin ya duba layin farko na fayil kafin ya karɓa. Kuma wannan hanya ta ɗauko bayani ce. In tura kuɗi ne, kada ka sake turawa sai da lambar shaida guda ga kowane biya, don kada mutum ya karɓa sau biyu.

Ni a matsayinka, zan matsar zuwa 3:30 ɗin na UTC, in ɗora sake gwadawa a kai, sannan in sa ya turo mini saƙo idan gwaji na ƙarshe ya faɗi, tun kafin masu lissafi su iso ofis.