Sharhi kan ajiye kundin umarni da lambar Seed a Stable Diffusion

Na jima ina amfani da Stable Diffusion, samfurin ƙirƙirarriyar basira da ke mayar da rubutaccen umarni zuwa hoto, ta manhajar AUTOMATIC1111 wajen samar da hotunan da nake sakawa a rubuce-rubucena, kuma abin da nake son yin sharhi a kansa shi ne tsarin da manhajar ta tanada domin maimaita hoton da ya yi kyau, tare da kundin da nake ajiyewa a gefe. Hukuncina a taƙaice shi ne tsarin yana aiki ƙwarai, amma lambar `Seed` ita kaɗai ba ta isa ba, kuma bayanan da manhajar ke adanawa da kanta ba sa maye gurbin abin da mutum ya rubuta da hannunsa.

Kowane hoto yana farawa ne daga ɗigo-ɗigo marasa fasali, irin na talabijin da ta rasa tasha, sannan samfurin ya riƙa tace su mataki-mataki har siffar da umarnin ya bayyana ta fito. Lambar `Seed` ce ke ƙayyade yadda waɗannan ɗigo-ɗigo na farko za su kasance. Idan aka bar gurbinta a kan `-1`, manhajar za ta zaɓi sabuwar lamba a kowane karo, shi ya sa umarni ɗaya ke ba da hotuna mabambanta. Idan kuwa aka rubuta lamba takamaimai, kuma ba a taɓa komai ba, hoton da aka samu a baya shi zai sake fitowa.

Ga misali daga aikina. Ina neman hoton kwale-kwale a kan kogi da asuba, sai na saita `Batch count` a kan 4 domin in samu hotuna huɗu a jere, na bar lambar a `-1`, kuma hoto na uku ne ya burge ni. A nan akwai abin lura da mutane da yawa ke tsallakewa: a cikin rukuni ɗaya, manhajar tana ƙara 1 a kan lambar ga kowane hoto, don haka idan na farko ya ɗauki 1450, na uku 1452 ne, kuma wanda ya kwafi lambar farko zai yi ta mamakin inda kwale-kwalensa ya shige. Na ja fayil ɗin hoton zuwa shafin `PNG Info`, ga kaɗan daga abin da ya nuna mini:

```
wooden canoe on a calm river at dawn, mist, watercolor
Negative prompt: text, blurry
Steps: 25, Sampler: DPM++ 2M Karras, CFG scale: 7, Seed: 1452, Size: 512x512
```

Wannan shafi shi ne abin da na fi yaba wa a manhajar. Tana rubuta duk saitin a cikin fayil ɗin hoton kansa, har da sunan samfurin da lambar shaidarsa mai suna `Model hash`, kuma da danna `Send to txt2img` komai zai koma gurbinsa. Sai dai bayanan suna da rauni, domin yawancin kafofin sada zumunta da manhajojin aika saƙo suna goge su idan aka ɗora hoton, haka ma idan aka ɗauki hoton allo ko aka adana fayil ɗin ta wata manhajar gyaran hoto. Saboda haka nake ajiye fayil na asali ba tare da na taɓa shi ba, kuma na kunna saitin da ke sa manhajar ta ajiye ƙaramin fayil na rubutu kusa da kowane hoto.

Bayan na kafe lambar a 1452 ne gyara na gaskiya ya fara, kuma ƙa'idar da nake bi ita ce sauya abu ɗaya tak a kowane gwaji. Hazon ya yi yawa har ya rufe gaɓar kogin, sai na mayar da `mist` zuwa `light mist` ban taɓa sauran ba, gaɓar ta bayyana, kwale-kwalen kuma ya tsaya kusan inda yake. Daga nan na juya kan `CFG scale`, wanda shi ke nuna iyakar yadda samfurin zai manne wa umarni. Da kayan aikin `X/Y/Z plot` na jera 5 da 7 da 9 da 12 a allo ɗaya. A kan 5 launin ya yi laushi yadda zanen ruwa ke buƙata, a kan 12 kuwa launuka sun yi kauri har gefunan siffofi sun yi kaifi fiye da kima. Da a ce lambar tana sauyawa a kowane karo, da ban iya rarrabe abin da saitin ya haifar da abin da sa'a ta kawo ba. Lokacin da na so tsarin hoton ya tsaya amma ƙananan abubuwa su ɗan motsa, na buɗe `Extra` na sa `Variation strength` a kan 0.1, wanda ke gauraya lambar asali da wata ta biyu kaɗan kawai.

Iyakokin tsarin ma ya kamata a san su tun da wuri. Sauya girman hoto yana rusa komai, domin samfurin Stable Diffusion 1.5 yana aiki ne a kan ƙaramin allo da ya gaza hoton sau 8 a kowane gefe, wato 64 da 64 ga hoton 512 da 512, kuma da zarar an mayar da tsawo 768, ɗigo-ɗigon farko sun sauya zama ko da lambar ba ta sauya ba. Wanda yake son girma sai ya bi ta `Hires. fix`, wanda ke fara zana hoton a ƙarami sannan ya ƙara masa girma, ko ya faɗaɗa hoton daga baya. Haka nan, a cikin hanyoyin tace ɗigo-ɗigo da ake zaɓa a gurbin `Sampler`, `Euler a` da 'yan uwansa suna ƙara sabbin ɗigo-ɗigo a kowane mataki, don haka ƙara `Steps` daga 25 zuwa 40 na iya sauya siffar gaba ɗaya, alhali `DPM++ 2M Karras` yakan tsaya a kan siffa ɗaya yana ƙara mata tsafta. Kuma lamba ɗaya ba ta ba da hoto ɗaya tsakanin AUTOMATIC1111 da ComfyUI, wata manhajar aiki da Stable Diffusion, a saitinsu na asali, saboda ta farko tana samar da ɗigo-ɗigon a kan `GPU`, wato na'urar sarrafa hoto ta kwamfuta, ta biyu kuma a kan `CPU`, wato babbar na'urar sarrafa bayanai. Alamar da nake dubawa ita ce wannan: idan tsarin hoton ya sauya ɗungurungum, matsalar tana ga lamba ko girma ko samfuri, idan kuwa tsarin yana nan amma launi ya dushe, `VAE`, wato sashen da ke mayar da ƙaramin allon zuwa cikakken hoto, nake fara bincikawa.

Abin da manhajar ba za ta iya rubutawa ba shi ne dalili. Fayil zai faɗa mini cewa na sa `CFG scale` a kan 5, amma ba zai faɗa mini cewa na ƙi 9 saboda ta ƙona launin ruwan ba. Kundina jadawali ne mai sauƙi, kowane layi yana ɗauke da kwanan wata, sunan fayil, samfuri, lambar `Seed`, abu ɗaya da na sauya, da jimla guda kan abin da na gani. Ina rubuta gwajin da bai yi kyau ba kamar yadda nake rubuta wanda ya yi, domin shi ke hana ni maimaita hanyar da na riga na ga ba ta ɓullewa. Ina kuma rubuta sigar manhajar, domin sabuntawa na iya sauya sakamako, kuma ba na goge tsohon samfuri muddin akwai aikin da ya dogara da shi, tunda lambar 1452 a kan SDXL, wani samfurin Stable Diffusion da ya fito a 2023, hoto ne dabam da wanda ta bayar a kan 1.5.