Na kai kaina wurin mai haɗa kalar kaya: abin da na gani

Shekara biyu ina da wani mayafi ruwan toka da nake matuƙar so, amma duk ranar da na yafa shi sai wani ya tambaye ni ko ba ni da lafiya. Kafin ƙaramar sallar bana ƙanwar mijina ta raka ni gidan wata Hajiya a nan ƙasar Ringim, mai saro atamfa da shadda daga Kantin Kwari. An ce ba ta sayar wa mace kaya sai ta gwada kalar a fuskarta.

Mun isa da hantsi. Abu na farko, ta sa na wanke hodar fuskata na goge jan baki. Ba ta yarda mu zauna a ɗaki ba, ta ce ƙwan lantarki na sauya kala, rana tsaka kuma na kashe ido. A inuwar darbejiyar tsakar gida ta shimfiɗa tabarma, ta miƙa mini madubi, ta fito da ƙyallaye ta fara sa su ƙarƙashin haɓata ɗaya bayan ɗaya.

Ni wankan tarwaɗa ce, kuma a da na ɗauka zancen ya ƙare a nan. Hajiya ta ce, "'Yata, hasken fata daban, abin da ke ƙarƙashinta daban. Wata tata ta karkata ga ja ko ɗorawa, wata ga toka." Da ta sa ƙyalle ruwan zinare, fuskata ta washe. Da ta sauya da ruwan azurfa, a take ƙasan idona ya yi duhu, leɓuna suka yi fari-fari kamar na mai azumi. Ta ce alamar ke nan, in daina kallon ƙyallen, in kalli ido da leɓe. Ta gwada ruwan goro, ruwan zuma da kore irin na ganyen mangwaro, duk suka karɓe ni. Ruwan toka da ruwan hoda mai haske suka kashe ni. Ƙanwar mijina kuwa baƙa ce sosai, shuɗi mai kauri da fari tas suka fito da ita, ruwan ƙasa kuma ya haɗiye ta don ya yi kusa da launin fatarta.

Inda na fi ƙaruwa shi ne maganar yadi. Ta ajiye kore iri ɗaya a shadda da a atamfa. Na shaddar ya fi ɗaukar ido, domin shadda na da sheƙi, tana mayar da haske, wurin da ya lanƙwashe kuma ya yi duhu. Atamfa ba ta sheƙi haka, sai kalar ta kwanta. Saboda haka ta ce in shadda zan ɗinka in sauko da kalar ta ɗan yi duhu, in atamfa ce in ɗauki mai haske ba tsoro. Mayafi shara-shara kuma yana aron kalar abin da ke ƙasansa, don haka a kan atamfar ake gwada shi, ba a hannu ba.

Ga abin da muka tsayar. Turmi ɗaya, yadi 6, mai kore a ƙasa, da manyan furanni ruwan madara da ɗan ɗigon ruwan goro. Ni na miƙa hannu ga koren mayafi, ta hana ni. Ta ce a nemi kalar da ta fi ƙaranci a jikin atamfar a yi mayafi da ita, kada kala ta wuce uku a jiki. Muka ɗauki mayafi ruwan goro, takalmi da jaka ruwan madara. Har ta nuna mini cewa atamfa ruwan toka ba ta haramta gare ni ba, muddin abin da ke kewaye da fuskata mai karɓata ne.

Ranar idi babu wanda ya tambaye ni lafiya, sai dai ina na sayi kaya.

Amma akwai inda ta gaza. Ta sa na ƙara hijabi ruwan madara, bai kwana biyu a kan babur a hanyarmu ta jar ƙasa ba bakinsa ya rine, sai wanki kullum. Kuma ba ta gaya mini mayafin yana zuba ba. Wankin farko ya ɓata mini farin ɗankwali. Yanzu kafin in biya nakan jiƙa farin ƙyalle in murza a gefen yadi, in ya ɗauki kala in san shi kaɗai zan wanke da ruwan sanyi, in shanya a inuwa. Kuɗinta ma ya ɗan ɗara na kasuwa, ko da yake ba ta karɓi komai na gwajin ba.

Zan koma kafin babbar salla, kuma da koren mayafin da ta hana ni zan fara, in ji wace atamfa za ta haɗa shi da ita.